Bayanin hoton zanen wutar da ka turo

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga hoton, na kuma ga saƙon da ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa wanda ya yi zanen bai ƙarasa ba, tunda wayar batir ta sauka ta tsaya a kan wasu layuka uku ba ta koma ko'ina ba. Zanen cikakke ne. Buɗe hoton a gabanka ka faɗaɗa shi, mu bi shi tare daga inda wuta take fitowa har inda take komawa.

Fara da gefen hagu, wurin da aka rubuta BT1 da 9V. Za ka ga layuka huɗu a kwance, wani a kan wani: dogo, gajere, dogo, gajere. Batir ke nan. Dogo ɗaya da gajere ɗaya ƙwayar batir guda ce, idan aka jera su kuma ana nufin ƙwayoyi ne aka haɗa. Kada ka ƙirga layukan don sanin ƙarfin batirin, masu zane ba sa damuwa da adadin, lambar da ke gefe ita ce abin dogaro, bolt 9. Abin da za ka riƙe shi ne dogon layi shi ne fosatif, gajeren shi ne nagatif. Mutane da yawa suna juya wannan, saboda wasu masu zane suna yi wa gajeren kauri, sai ido ya ɗauka shi ne babba. A hotonka hasken fitilar waya ya cinye alamar + da ke sama, amma layin ƙarshe na sama dogo ne, don haka fosatif yana sama.

Bi wayar daga nan zuwa dama. Abu na farko da za ka tarar ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu, kuma na ga ka zagaye shi da jan biro ka rubuta “razista”. Sake dubawa. Layin wayar ya ratsa ta cikin akwatin daga wannan kai zuwa wancan, kuma an rubuta F1 da 500mA a samansa. Fis ne. A tsarin zane na hukumar IEC, wanda aka fi bi a Turai da ƙasashe da dama, razista akwati ne wanda cikinsa fayau yake, fis kuma akwati ne da layi ya ratsa. A hoto mai dishi-dishi wannan siririn layin ne yake fara ɓacewa. Shi ya sa nake yawan gaya maka kada ka yarda da siffa ita kaɗai, ka haɗa ta da harafin da ke gefenta: R razista, F fis, C kafasita, D diyod, S ko SW makunni, L kuma naɗin waya. Har lambar ma tana ba da shaida, domin ba a auna razista da miliamfiya.

Bayan fis sai S1. Wayar ta yanke, akwai ɗan da'ira a kowane bakin yankan, sai wani layi da ya tashi a karkace daga ɗaya bai taɓa ɗayan ba, kamar ƙyauren da aka bari a buɗe. Makunni ne na talaka, mai ƙafa biyu, kunna da kashe. A al'ada ana zana makunni a yadda yake kafin hannu ya taɓa shi, don haka ganin sa a buɗe ba yana nufin na'urar ta lalace ba. A nan akwai wani abu da ke rikita sabon shiga: makunni a buɗe, wuta ba ta wucewa, a rufe ne take wucewa. Akasin ƙofa ke nan.

Yanzu ka iso wurin da nake so ka natsu. Bayan S1 wayar ta miƙe a saman takardar, rassa uku suka sauko daga jikinta. A kan kowace mahaɗa akwai baƙin ɗigo. Ɗigon nan yana nufin wayoyin a haɗe suke. Inda layuka biyu suka gitta juna babu ɗigo, wucewa kawai suka yi, babu abin da ya haɗa su. A tsofaffin zanuka sai ka ga ɗaya ya yi ɗan ƙusumbi ya tsallake ɗayan. Matsalar hoto ita ce ƙura ko ɗigon tawada suna iya zama mahaɗa, mahaɗa ta gaskiya kuma ta dushe. Akwai wani baƙin tabo a hotonka tsakanin reshe na biyu da na uku, a kan wani layi mai haske da ya ratsa takardar daga sama har ƙasa. Wannan layin ba waya ba ce, karyar ninkin takarda ce: ya fita har bayan iyakar zanen, kuma bai miƙe sak kamar sauran ba. Tabon datti ne. Da ka ɗauki layin waya ce ka haɗa shi da ƙasan R1, razistar reshe na biyu, da ka tsallake ta ka kai wa diyod ɗin da ke ƙarƙashinta bolt 9 kai tsaye, ta ƙone nan take.

Reshe na farko gajere ne, C1 ne kaɗai a kansa. Layuka biyu ne masu fuskantar juna, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya a ɗan lanƙwashe, da + a gefen miƙaƙƙen. Yana kama da batir in an kalle shi daga nesa, amma tsawon layukansa ɗaya ne. Kafasita ce mai fosatif da nagatif, an rubuta 100µF 16V, wato girmanta da iyakar bolt ɗin da za ta iya ɗauka. Idan ka zo haɗawa, ƙafar da ke gefen ratsin jikinta ita ce nagatif, ita za ta bi ƙasa. Idan ka juya ta tana iya kumbura, wani lokaci ma ta fashe.

Reshe na biyu yana da R1, kuma ga ainihin razista: akwati fayau, babu layi a ciki. Idan ka ci karo da zanen da aka yi da tsarin Amurka, za ka gan ta kamar haƙoran zarto. Abu ɗaya ne. Sai dai a hoton da ya girgiza haƙoran suna iya zama masu zagaye su yi kama da naɗin waya, nan ma harafi ne zai raba gardama. Idan kuma kibiya ta soko tsakiyar razista daga gefe, to mai murɗawa ce, irin ta ƙara sauti, ƙafafunta uku.

Ka tambaya ko 4k7 da ke jikinta 47 ne aka yi kuskuren rubutu. Ba kuskure ba ne, da gangan ake rubuta shi haka. Harafin k yana nufin dubu, kuma an dasa shi a gurbin ɗigon da ke raba lamba, wato om 4,700. Dalili shi ne ɗigo ƙaramin abu ne, yana ɓacewa in an kwafi takarda ko an ɗauke ta a hoto, sai 4.7 ya koma 47. Harafi ba ya ɓacewa haka. Da wannan ƙa'idar 470R om 470 ne, 4R7 om 4.7, 2M2 kuma om miliyan 2.2. Ni ina ganin wanda ya ƙirƙiro wannan dabara ya sha wahalar takardu marasa kyau kamar mu.

A ƙarƙashin R1 akwai D1: alwatika da bakinta ya tokare a kan wani ɗan layi, da ƙananan kibiyoyi biyu suna fita daga gefe. Diyod ce mai ba da haske, wadda ake rubutawa LED. Wuta tana bi ta inda bakin alwatikar ya nuna, ɗan layin kuma shi ne gefen nagatif, wato gajeriyar ƙafa a jikin sabuwa. Kula da kibiyoyin: da ciki suka nuna, da mai karɓar haske ce ba mai bayarwa ba. Jar diyod tana cin kamar bolt 2, saura 7 ga razista. Raba 7 da 4,700, za ka samu kamar miliamfiya 1.5, ɗan haske kaɗan mai nuna cewa an kunna. Da ka sa razista mai om 47 kamar yadda ka karanta, wajen miliamfiya 150 za su nemi bi ta cikin abin da aka yi don ɗaukar kamar 20. Kuma fis ɗin 500mA ba zai cece ta ba.

Reshe na uku kusan irin na biyu ne, sai dai S2 ne a farkonsa: ɗigo biyu da sanda a kwance a samansu ba ta taɓa su ba, da ɗan maɓalli a kanta. Makunnin dannawa ne, kana ɗaga yatsa ya sake buɗewa. R2 kuma 470R ce, don haka D2 za ta samu kamar miliamfiya 15, ta fi D1 haske sosai. A jikin razistocin, mai om 470 tana da zoben rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Mai 4k7 kuma rawaya, shunayya, ja. Zobe ɗaya ne ya raba su, ka auna da mita kafin ka liƙa.

To, ga amsar ƙorafinka. Dubi ƙarshen kowane reshe: layuka uku a kwance, na sama dogo, na tsakiya matsakaici, na ƙasa ɗan mitsitsi. Irinsu ne a ƙarƙashin batir, inda aka rubuta GND. Giraun ke nan, kuma duk inda ka ga alamar nan a zane ɗaya, waya ɗaya ce. Mai zane ya ƙi jan doguwar waya ne daga kowane reshe ta koma batir don kada takarda ta cika da layuka. Ɗauki fensir ka haɗa alamomin huɗun nan da layi ɗaya, za ka ga kowace hanya ta rufe: daga fosatif, ta fis, ta makunni, ta reshe, ta dawo nagatif. A wannan zanen ba sai ka kafa ƙarfe a ƙasa ba, nagatif ɗin batir ne giraun, kuma a nan za ka ɗora baƙar wayar mita in za ka auna bolt a kowane wuri.

Amma kada ka ɗauki wannan ya zama doka a ko'ina. Akwai alama mai kama da manjagara, layi ɗaya da gajerun ƙafafu uku a karkace, tana nufin a haɗa da ƙarfen jikin na'ura, kamar yadda ake haɗa nagatif ɗin batirin mota da bodi. Akwai alwatika mai kallon ƙasa, ita ce giraun ɗin sigina. Idan ka ga iri biyu a zane ɗaya, kada ka haɗa su sai inda zanen ya nuna. Layuka ukun nan kuma in suna cikin da'ira, wayar kariya ce ta wutar gida, mai launin kore da rawaya, wadda take zuwa ƙasa da gaske. A cikin caja da makamantanta, abin da aka yi wa alamar giraun a gefen da wutar gida take shiga yana iya jan mutum. Wannan sai ina tsaye a kanka.

Abu ɗaya ne ban iya karantawa ba, rubutun da ke kusurwar dama ta ƙasa, inuwar hannunka ta rufe shi. Shimfiɗa takardar a kan tebur, kashe fitilar waya, ka tsaya daidai samanta ba a karkace ba, ka ɗauki zanen gaba ɗaya sau ɗaya, sannan ka matso ka ɗauki kusurwar ita kaɗai. In ka gama haɗawa, kunna S1 ka kashe kana kallon D1. Idan ta dushe a hankali maimakon ta mutu farat ɗaya, C1 tana wurinta daidai, domin ita ce ke juye sauran cajinta ta cikin R1. Amma ka fara turo mini hoton abin da ka haɗa kafin ka sa batir.

Yayanka.