Barka da cika shekara 42, Abban Hanifa

Na san in ka ga saƙon nan cewa za ka yi "ke dai ba kya gajiya", to yau kam sai dai ka yi haƙuri, tunda dama shi ne sana'arka. Kai da ko ranar haihuwarka ba ka riƙewa, bara ma sai da Hanifa ta tuna maka.

Shekara 11 ke nan ina gidanka, ni na san halina, ina da saurin hawa ga mita, abu kaɗan na fara faɗa, amma wallahi ban taɓa jin ka ɗaga min murya ba, iyakarka ka ɗau buta ka yi alwala ka fita masallaci, in ka dawo ka ce "Maman Hanifa an huce?" kaman ba a yi komai ba. Wani lokacin ma shirun naka ne yake ƙara ba ni haushi, mutum na neman abokin faɗa ya rasa! Ana cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse, to ni ce dutsen nan, kuma ka dafa.

Ka tuna miyar kukar da na zabga wa gishiri muna amarci? Ka cinye tuwonka tas har da cewa ta yi daɗi, sai da na kai loma bakina na gane irin azabar da ka sha.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Mama. Ashe tun rasuwar Baba duk ƙarshen wata kai kake siya mata maganin hawan jini, ka biya ta can in ka taso daga Kwari, ka ce kar ta faɗa min. Shekara uku fa! Da ƙaramar salla bakinta ya suɓuce wajen sa maka albarka, na shiga ɗaki na yi ta kuka, ban nuna maka na sani ba sai yau. Ga na kullum da ba ka ɗauke su komai ba, in an kawo wuta cikin dare ka tashi ka sa min waya a caji, da hunturu na farka na tarar da ruwan zafi a filas, lokacin laulayin Sadik kuwa har wanke-wanke ka yi ka rufe ƙofa kar maƙwabta su gani.

Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, ya ƙara lafiya da buɗi, ya jiƙan su Hajiya da suka yi maka tarbiyya, ya bar mu tare har Aljanna.

Dan Allah yau kar ka tsaya majalisa bayan isha'i, na yi maka waina da miyar taushe, kuma yara sun haɗa kuɗin tararsu sun siya maka wani abu, sun ce in na faɗa sun ɓata da ni.

Taka,
Maman Hanifa