Neman Izinin Shirya Hotunan Katin Shaidar Ɗalibai da Manhaja

Sashen Kwamfuta,
9 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in nemi izininka na sauya yadda muke shirya hotunan da ake sakawa a katin shaidar ɗalibai, ta yadda kwamfuta za ta riƙa yin yankan hoto da daidaita girmansa da sanya masa suna da kanta, maimakon a riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu kamar yadda muka saba.

Kamar yadda ka sani, a bara mun yi wa ɗalibai 640 kati. Kowane hoto sai na buɗe shi, na miƙar da shi idan ya kwanta, na yanke gefe da gefe har fuska ta zauna a tsakiya, na rage girmansa, sannan na duba rajista na rubuta masa lambar mai shi. Idan hannu ya saba, wannan yakan ci kamar minti huɗu, wanda idan aka tara ya haura awa 42, kuma duk a lokutan da ya kamata a ce ina shirya darasi ko ina tare da ɗalibai a ɗakin kwamfuta aka yi shi. Shi ya sa katunan ba su fito ba sai a mako na bakwai na zangon farko.

Amma ba ɓata lokacin ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuskuren da gajiya ke jawowa. Kyamara takan ba hotuna suna irin IMG_2041.jpg da IMG_2042.jpg, waɗanda ba su nuna ko na wane ne ba, kuma da zarar ido ya tsallake layi ɗaya a rajista, sai hoton wani ya hau katin wani. Haka ta faru da ɗalibai biyu 'yan aji ɗaya masu suna iri ɗaya, ba mu kuma farga ba sai da aka tsayar da ɗayansu a ƙofar ɗakin jarrabawa yana riƙe da kati mai ɗauke da fuskar abokinsa. Laifin nawa ne, domin ni na sanya sunayen, kuma a ranar na wuce hoto na ɗari.

Ga yadda nake son aikin ya kasance. Za a ɗauki hotunan aji guda bisa jerin rajista, a gaban farin bango, kuma kowane ɗalibi zai riƙe ƙaramin allo mai lambarsa a daidai cikinsa, inda yankan zai cire shi daga hoton ƙarshe amma ya saura a hoton asali a matsayin shaida. Daga nan wani gajeren shiri da zan rubuta da harshen Python zai karanta jerin sunayen ajin, ya sauya wa kowane hoto suna zuwa lambar rajistar mai shi, sannan ya yi amfani da manhajar OpenCV wajen gano inda fuska take, ya yanka hoton ya bar sarari daidai a saman kai da kafaɗu. Matakin ƙarshe na manhajar ImageMagick ne, kuma umarni guda ne ke gama folda gaba ɗaya:

```
magick mogrify -path shirye -auto-orient -resize "413x531^" -gravity center -extent 413x531 -strip -units PixelsPerInch -density 300 *.jpg
```

Ma'anarsa a taƙaice ita ce a miƙar da hoton, a mayar da shi faɗin ɗigo 413 da tsawon ɗigo 531, wanda shi ne milimita 35 da 45 idan aka buga a kan ɗigo 300 a kowane inci, wato girman hoton fasfo da aka fi sani, sannan a ajiye sakamakon a wata folda dabam mai suna shirye, wadda sai an riga an ƙirƙire ta kafin a ba da umarnin, ba tare da an taɓa na asali ba. Shi katin namu milimita 85.60 ne da 53.98, girman katin banki, don haka mai bugawa zai iya rage hoton ya shiga gurbinsa ba tare da fuska ta miƙe ko ta matse ba. Dukkan manhajojin nan uku kyauta ne, kuma kwamfutocin da muke da su sun isa, saboda haka ba na neman a sayi komai.

Na san abin da zai fara zo maka a rai shi ne amanar hotunan yara, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Akwai shafukan intanet da ke yin irin wannan aiki cikin sauƙi, amma sai an ɗora musu hotunan, kuma daga lokacin ba mu da iko a kan inda za su kwana. Ban yarda da wannan ba, ba kuma zan ba da shawararsa ba. Tsarin da nake nema zai gudana ne a kwamfuta guda ta sashenmu, mai kalmar sirri, ba tare da an haɗa ta da intanet a lokacin aikin ba. Haka kuma wayoyi da wasu kyamarori sukan ɓoye bayanai a cikin hoto, kamar ranar ɗauka da nau'in na'urar, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka, kuma kalmar -strip da ke cikin umarnin ita ce ke goge su kafin hoto ya bar hannunmu. Ya kamata in bayyana cewa shirin yana gano inda fuska take ne kawai, ba ya gane ko fuskar wane ce, ba ya kuma ajiye wani bayani a kanta.

Ba zan ce ba ya kuskure ba. Idan haske ya yi ƙaranci, ko ɗalibi ya karkata kai, ko tabarau ya yi ƙyalli, yakan kasa ganin fuskar, wani lokaci ma ya ɗauki wani abu dabam a matsayin fuska. Saboda haka duk hoton da bai samu fuska guda ɗaya tak a cikinsa ba, zai ware shi gefe in gyara da hannu. Sannan kafin a kai komai wurin bugawa, zan fitar da takarda mai ɗauke da hotunan ajin, kowanne da suna da lamba a ƙarƙashinsa, malamin ajin ya duba ya sa hannu, tunda shi ya san fuskokin yaransa fiye da ni.

Abin da nake roƙo shi ne ka amince in fara gwaji da aji ɗaya mai ɗalibai 45 a mako mai zuwa, ka umarci ofishin rajista ya ba ni jerin sunayensu da lambobinsu kawai, ba tare da sauran bayanansu ba, kuma ka ba ni damar amfani da ɗakin kwamfuta ranar Laraba bayan an tashi. Idan an gama zan kawo maka hotunan da takardar da malamin ajin ya sa wa hannu, tare da adadin waɗanda sai da na gyara da hannu, domin ka yanke hukunci ko a ci gaba da sauran azuzuwa ko a tsaya. Zan kuma rubuta matakan aikin dalla-dalla a ajiye a ofishinka, saboda kada ya dogara da ni kaɗai idan wata rana ba na nan.

Ina jiran umarninka. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Malamin Kwamfuta.