Alƙawarin Babban Banki Kan Kuɗin Ruwan Gobe: Yadda Yake Sauya Bashi da Kashe Kuɗi Tun Yau

Babban banki ba shi ke yanke kuɗin ruwan bashin shekara goma ba. Abin da ke hannunsa shi ne kuɗin ruwan da bankuna ke biyan juna kan rancen kwana ɗaya. Ribar takardar bashin gwamnati ta shekara goma kuwa kasuwa ce ke fitar da ita, daga abu biyu: matsakaicin kuɗin ruwan gajeren zango da ake tsammani a tsawon shekarun nan goma, da ɗan ƙarin da mai ba da bashi ke nema saboda kasadar ɗaure kuɗinsa na dogon lokaci. Duk wanda ya iya sauya wannan tsammani ya sauya ribar, ko da bai taɓa kuɗin ruwan yau ba.

A ɗauka kuɗin ruwa yana sifili, kasuwa na zaton zai zauna haka shekara ɗaya sannan ya koma kashi 2 cikin ɗari. Sai bankin ya sanar cewa ba zai ɗaga ba sai bayan shekara uku. Shekara biyu ke nan aka cire wa kashi bibbiyu, jimilla 4. A raba 4 gida goma, ribar takardar shekara goma ta sauka da 0.4. A takardar shekara biyar kuwa gida biyar za a raba, saukar ta zama 0.8. Shi ya sa alƙawarin ya fi tasiri a bashin shekara biyu zuwa biyar.

Daga nan maganar ke isa aljihun jama'a. A Amurka kuɗin ruwan bashin sayen gida na bin sawun ribar takardar shekara goma. Bashin dala 300,000 na shekara talatin a kan kashi 5 ana biyan kusan dala 1,610 a wata. A kan 4.6 ya koma kusan 1,538. Mai tsohon bashi sai ya sabunta shi a sabon farashi, rarar ta tafi cefane. Kamfanin da ke jinkirin gina masana'anta ya ga lissafi ya fita. Darajar kuɗin ƙasar kan ɗan sauka, kayanta su yi araha a waje. In kuma mutane suka yarda farashin kaya zai ɗan tashi alhali kuɗin ruwa na nan ƙasa, jinkirta saye ya zama asara.

Babban Bankin Amurka ya rungumi wannan dabara bayan ya sauke kuɗin ruwa zuwa tsakanin 0 da 0.25 a Disambar 2008, babu sauran inda za a rage. Da farko ya ce za a daɗe a haka, bai faɗi rana ba. A Agustan 2011 ya ambaci tsakiyar 2013, daga baya ya matsar zuwa ƙarshen 2014, sannan tsakiyar 2015. A Disambar 2012 ya bar kalanda ya koma sharaɗi: ba ɗagawa muddin rashin aikin yi ya haura kashi 6.5, hasashen hauhawar farashi kuma bai wuce 2.5 ba. A ganinmu sharaɗi ya fi kwanan wata, domin yana gaya wa kasuwa dalili, ita kuma ta gyara lissafinta da kanta yayin da alƙaluma ke fitowa.

Sai dai sharaɗin ma yana tuntuɓe. Bankin Ingila a ƙarƙashin Mark Carney ya ɗaure alƙawarinsa da saukar rashin aikin yi zuwa kashi 7 a Agustan 2013, yana zaton sai wajen 2016 za a kai nan. Cikin 'yan watanni aka kusa kaiwa, dole aka sake tsarin a Fabrairun 2014. Na Ostireliya ya fi muni: bankin ya yi ta cewa ba ya tsammanin ɗagawa kafin 2024, mutane suka ci bashin gida a kan haka, sai ga shi ya fara ɗagawa a Mayun 2022. Akwai sharuɗɗa a maganarsa, amma shekarar kawai jama'a suka riƙe.

Matsala mafi zurfi ita ce fassara. In banki ya ce kuɗin ruwa zai daɗe a ƙasa, wani zai ji an yi alƙawarin tallafi ko da tattalin arziki ya farfaɗo, ya fito da kuɗinsa. Wani zai ji bankin ya hango wahalar da ba a gani ba, ya ƙara ƙulle aljihu. Ribar takardu za ta sauka a duka biyun, amma a na farko kaɗai kashe kuɗi ke ƙaruwa. Janyewa ma tana da nata haɗarin: a Mayun 2013 Ben Bernanke, shugaban Babban Bankin Amurka a lokacin, ya ambaci rage sayen takardun bashin da bankin ke yi don tallafa wa tattalin arziki, kasuwa ta ɗauka ɗaga kuɗin ruwa ya matso, ribar shekara goma ta tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kusan 3 cikin watanni, kuɗin Indiya da Indonesiya da Turkiyya suka faɗi. Ɗagawar kanta ba ta zo ba sai Disambar 2015.