Shekarar Ruwa Babba

Da ruwan 2022 ya cinye unguwar Walia a N'Djamena, babban birnin Chadi, Iya Hauwa ta fito da carbinta da tukunya ɗaya. Jakar takardunta ta bi kogin Logone. Bayan ruwa ya janye sai maganar sabon katin shaida ta taso, jikanta Sani ya zauna a bakin tanti da biro.

"Iya, shekararki nawa?"

"Casa'in," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Bara ma casa'in kika ce."

"To, maigidana, ƙarya zan yi maka bana?"

Talatu, maƙwabciyarta ta shekara da shekaru, ta tuntsire da dariya. Iya ta harare ta. Tun zuwan Talatu unguwar take kiran Iya da Yaya, ita ke kai mata gaisuwar salla, ita ake aika.

Malam Isa, tsohon malamin makarantar boko da ke tantin gefe, ya jawo tabarmarsa kusa. "Iya, mene ne abu na farko da kika tuna a duniya?"

Ta yi shiru, ta ja carbi biyu. "Ruwa. Lokacin garin nan Fort-Lamy ake ce masa. Kogin Shari ya cika har ya haɗe gonaki. Wani Bakotoko ya ɗauke mu a kwalekwale, ni da innata da akuyarmu. Ya ba ni busasshen kifi, na gatsa, haƙorina na gaba ya tafi da shi. Na yi ta kuka, shi kuwa yana dariya."

"Kin fara famfara ke nan. Bature ne ke mulki?"

"Ina! Tombalbaye ne. Bai daɗe da hawa ba, mata na ta ɗaura zani saboda murnar 'yanci."

Malam ya lissafa a yatsu. An sami 'yanci a 1960, babban cikar Shari kuma a 1961 aka yi ta. Yaro yana famfara ne yana ɗan shida ko bakwai. "Sani, rubuta: wajejen 1954."

Sani ya yi lissafi a waya. "Sittin da takwas, Iya."

"Kai, tafi can! Ni ce ban kai saba'in ba? To, gwiwar nan ta wace ce?"

Talatu dai ta daina dariya, tana ta murza bakin zani. Malam ya juyo. "Ke fa, Talatu, ina kike a shekarar ruwan?"

"A Kusuri," ta ce a hankali. "An kawo kuɗin aurena, ruwa ya hana a ɗaura sai da rani."

Sani ya saki biro. Iya ta dubi Talatu tun daga ɗankwali har silifa.

"Malam," in ji ta, "wannan lissafin naka, gwamnati kaɗai za a gaya wa. Talatu, miƙo min butar can."

Talatu ta miƙe ta ɗauko.