Takardar Neman Biyan Ariyas na Ƙarin Girma

Zuwa ga Daraktan Kuɗi,
Ta hannun Shugaban Sashen Ma'aikata,
Sakkwato.
10 ga Maris, 2025

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. An yi mini ƙarin girma daga mataki na 08 zuwa na 09 tun 1 ga Janairu, 2024, amma har albashin Fabrairun bana kuɗin tsohon mataki ake biyana. Wata 14 ke nan, ga iyali, ga tsadar abinci, ga azumi ya kama.

Ina roƙon a gyara matakina, a biya ni cikon kuɗin, a kuma daidaita lissafin fanshona. Na haɗo kwafin takardar ƙarin girman da takardun albashi.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Bello Umar
Jami'in Mulki