Mitoz da meyoz a jadawali guda: takardar bita ga ƴan ajin tarminal D, Maradi

Ƴaƴana ɗalibai, na gama gyaran takardun jarrabawar gwajin da kuka yi ranar Talata. Tambaya ta uku ce ta kayar da mafi yawanku, wadda aka ce a faɗi bambancin mitoz da meyoz, wato hanyoyi biyu da ƙwayar halitta take bi ta rabu. Na lura kun haddace kalmomin, amma da aka canza adadin kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwaya, daga na mutum zuwa na wata halitta sai lissafi ya rikice muku. Abin ya dame ni, domin darasin gadon halitta da ke gabanmu duk a kan wannan tubali aka gina shi. Shi ya sa na rubuta muku wannan da harshenmu na gida. Ku fara kwafe jadawalin cikin littafinku da hannunku.

| Abin da ake dubawa | Mitoz | Meyoz |
|---|---|---|
| Adadin kuromozom a uwar ƙwaya | 2n (46 a mutum) | 2n (46 a mutum) |
| Adadin kuromozom a kowace ƴa | 2n (46), daidai da na uwa | n (23), rabin na uwa |
| Sau nawa ake rabuwa | sau 1 | sau 2 a jere |
| Adadin ƙwayoyin da ake samu | 2 | 4 |
| Kamannin ƴaƴan | iri ɗaya suke da uwa da kuma juna | sun bambanta da uwa, sun bambanta da juna |
| Inda take faruwa | ƙwayoyin jiki: fata, ɓargo, bakin saiwar shuka | gaɓoɓin haihuwa: maraina, ma'ajiyar ƙwan mace, furen shuka |
| Manufa | girma, gyaran rauni, maye ƙwayoyin da suka mutu | samar da ƙwayoyin haihuwa, tsare adadin kuromozom daga iyaye zuwa ƴaƴa, kawo bambanci |

Shawarata ita ce ku karanta jadawalin nan daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya gane manufa ba ya buƙatar haddar sauran layukan, da kansa zai fito da su.

Mu ɗauki mitoz. Ka yanke a yatsa wajen yankan albasa, bayan kwanaki wurin ya rufe. Fatar da ta fito dole ta zama irin tsohuwar sak, da cikakkun kuromozom 46. Don haka ƙwayar halitta takan kwafi abin da ke cikinta tukuna, sannan ta rabu sau ɗaya, kowace ƴa ta tafi da cikakken kaso. Jajayen ƙwayoyin jininku kwana 120 ne suke yi, a ƙiyasi, kafin su mutu, kuma ɓargo yana ta maye su ta wannan hanya ba dare ba rana. Haka manomin da ya yanki karan rogo ya dasa: rogon da zai fito irin uwarsa ne, domin mitoz kaɗai ta yi aiki.

Meyoz ita ce take son natsuwa. Ku ɗauka ƙwayar maniyyi ta zo da 46, ƙwan mace ma da 46. Ɗan da za a haifa zai samu 92, jika kuma 184, abin ya yi ta ninkuwa ba iyaka. Domin kada haka ta faru ne ake raba adadin biyu kafin haɗuwa: uba ya kawo 23, uwa ta kawo 23, a koma 46. To ta yaya ake samun rabi? Kwafi sau ɗaya ake yi, amma rabuwa sau biyu. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. A rabuwa ta farko kowane kuromozom yana matsawa kusa da takwaransa, na wajen uba da na wajen uwa, sannan a raba su, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. A nan ne adadi yake faɗuwa daga 2n zuwa n. Rabuwa ta biyu kuwa kusan mitoz ce, silin kowane kuromozom guda biyu ne suke rabuwa.

Ga kuskuren da na fi gani a takardunku. Da yawa kun rubuta cewa bayan kwafi ƙwayar mutum tana da kuromozom 92. A'a. Har yanzu 46 ne, sai dai kowane ya zama mai sili biyu, wato kuromatid biyu da ke manne a wuri guda da ake kira santuromer. Ku riƙa ƙirga santuromer, kada ku ƙirga sili. Igiya mai tufka biyu ai igiya ɗaya ce muddin ba a warware ta ba.

Wata ɗaliba ta tambaye ni a aji: “Malam, in ƙwayoyi huɗu ake samu, me ya sa mace ba ta haihuwar ƴan huɗu kullum?” Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. A jikin namiji duk huɗun suna zama ƙwayoyin maniyyi. A jikin mace rabon ba daidai yake ba: guda ɗaya ce take kwashe kusan duk abincin da ke cikin uwar ƙwaya ta zama ƙwai, sauran ƙananan sai su lalace. A jadawali ku rubuta 4, amma in an tambaye ku game da mace ku ƙara wannan bayani.

Sai batun bambanci, wanda shi ya sa ƴan uwa ciki ɗaya ba su zama kamar an buga su a bulo guda. Lokacin da takwarorin suka manne da juna a farkon meyoz, sukan yi musayar guntaye. Bayan haka, gefen da kowane zai bi sa'a ce kawai. Wannan na biyun kaɗai, da takwarori 23, yana iya ba mutum ɗaya ƙwayoyin haihuwa iri 2²³, wato 8,388,608. Kuma abin ya wuce batun jarrabawa, yana cikin gidajenmu. Miji mai AS da mata mai AS, rabin ƙwayoyin haihuwar kowannensu yana ɗauke da A, rabi da S, saboda meyoz ta raba takwarorin. Shi ya sa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Ku da za ku yi aure nan gaba, ina so ku san dalilin gwajin jinin da ake cewa a yi. Haka kuma in takwarori na 21 suka ƙi rabuwa, ɗa yakan zo da kuromozom 47, abin da ake kira tirizomi 21.

Aikin gida, kuma ba na son ganin 46 a ciki. Geron da ake nomawa a gonakinmu yana da 2n = 14, dawa 20, wake 22, albasa 16, jar akuyar Maradi kuwa 60. Ga kowace ɗaya ku rubuta adadin kuromozom a ƙwayar da mitoz ta bayar, da kuma a wadda meyoz ta bayar. Ga misali: ƙwayar bakin saiwar gero tana da 14, ƙwayar da ke cikin bununinsa tana da 7.

Tambaya ta ƙarshe ta masu son zurfafawa ce. Doki yana da 64, jaki 62, alfadarin da suke haifa yana da 63. Ku nuna mini da lissafi yadda aka samu 63, sannan ku faɗi abin da ya sa alfadari yake girma ya yi ƙarfi lafiya lau amma kusan ba ya haihuwa. Ku tuna da abin da na ce game da takwarori a rabuwa ta farko.

Ku kawo mini ranar Litinin da safe kafin mu shiga aji. Wanda wani wuri ya shige masa duhu ya same ni a ɗakin malamai lokacin hutun ƙarfe goma, da littafinsa a hannu.