Waƙar Sa Albarka ga Maryam da Usman

Gwaggon amarya ce ke bayarwa, ɗaliban da amarya ke karantarwa suna amsawa. Ana rera ta da murya kawai, a wurin walima, bayan an ɗaura aure.

Amshi:
Allah ya sa albarka, ya sa albarka,
Ya haɗa Maryam da Usman cikin alheri.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai yin kyauta ba ya gazawa,
Shi ke haɗawa, shi ke rabawa,
Abin da ya ƙulla ba mai warwarewa,
Gare shi muka miƙa al'amari.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Mijin Khadija, hasken Madina,
Ya yi aure, ya bar mana sunna,
Da alaye, sahabbai masu amana,
Bashiri ne shi, kuma Naziri.

Amshi

Ɗazu liman ya karanta huɗuba,
Baffa ya bayar, wakili ya karɓa,
Shaidu sun ji, ba wanda ya saɓa,
Sadakin nata ne, kar wani ya taɓa,
Aka shafa Fatiha a sarari.

Kalma biyu ce, ba ta da yawa,
"Na ba ka", "na karɓa", an gama kuwa,
Amma ku buɗe Nisa'i ku yi dubawa,
Aya ta 21 ke faɗawa,
Mai kauri ne wannan alkawari.

Ga wata 21 a Suratu Rumu,
Ya halitta mana abokai daga jinsinmu,
Domin a wurinsu mu sami natsuwarmu,
Ya sa ƙauna da jin ƙai tsakaninmu,
Ayoyi ne ga mai yin nazari.

Ƙauna tana da daɗi ran ƙuruciya,
Fuska da haske, jiki da lafiya,
Jin ƙai ake nema a ranar jinya,
Ran da ƙafa ta gaza da tafiya,
Ka ba su duka biyun, ya Ƙadiri.

Amshi

Ba ni na ƙago addu'ar nan ba,
Ba a bakina aka fara ji ba,
Manzo ne ya yi ta, ba wani ba,
Abu Huraira bai ɓoye mana ba,
Yara, ku amsa, ban da sauri:

Gwaggo: Barakallahu laka,
Yara: Allah ya yi maka albarka.
Gwaggo: Wa baraka alaika,
Yara: Ya saukar da albarka a kanka.
Gwaggo: Wa jama'a bainakuma fi khair,
Yara: Ya haɗa ku cikin alheri.

Matso nan kusa, Maryam ɗiyata,
Ki ji Nana Khadija da halinta,
Mijinta ya sauko Hira ya same ta,
Jiki na rawa, ya ce da ita,
"Ku lulluɓe ni", ta rufe shi da sauri.

Ba ta tsaya tambaya tana tsananta ba,
Sai da tsoron ya lafa, ba ta matsa ba,
Ta ce masa Allah ba zai kunyata ka ba,
Kai da ba ka taɓa yanke zumunta ba,
Kana girmama baƙo, kana ɗaukar nauyin faƙiri.

Ta kai shi ga Waraƙa ɗan baffanta,
Ta ba da gaskiya, ta ba da dukiyarta,
Shekara 25 yana zaune da ita,
Bayan ta rasu bai daina ambatonta ba, bai manta,
Allah ya ba ki irin wannan tasiri.

Amshi

Ga Nana Faɗima 'yar Manzo,
Ali ɗan Abu Ɗalib ne ya zo,
Ba zinari gare shi, sai ƙwazo,
Da sulken yaƙinsa ya taho,
Shi ne sadakin, ba wani ƙari.

Dutsen niƙa ya ci mata hannu,
Ta je wa Babanta a sannu,
Ta nemi mai taya ta aikin gidansu,
Da dare ya zo ya zauna tsakaninsu,
Ya ba su abin da ya fi, zikiri.

Subhanallahi 33,
Alhamdu lillahi 33,
Allahu Akbar 34,
In za ku kwanta, ku yi su tare,
Ko an gaji, kar ku bari.

Amshi

To, ango, yanzu na juyo kanka,
Ba faɗa zan yi ba, buɗe kunnenka,
Yarinyar nan da aka damƙa maka,
Amanar Allah ce a hannunka,
Manzo ya faɗa a hajjin bankwana, a sarari.

Shi da ya fi kowa daraja,
Yana ɗinke rigarsa in ta yage,
Yana gyara takalminsa in ya tsinke,
Yana taya iyalinsa aiki a ɗaki,
In an kira salla ya fita da wuri.

Har tsere ya yi da Nana A'isha,
Ta riga shi, kowa ya ji ya sha,
Da shekaru suka ja ya rama,
Ya ce wannan ta biya waccan, yana dariya,
Wasa da iyali ma alheri.

Ya ce mafificinku a cikin jama'a,
Shi ne wanda iyalinsa suka shaida,
Sakin fuska a waje ba wuya,
Wanda ake gani a gida muke tambaya,
Allah ya ba ka, Usman, ya yi ma ƙari.

Amshi

A Baƙara an ce ku tufafin juna ne,
Ita sutura ce gare ka, kai ma haka ne,
Abin da kuka gani a ɗaki naku ne,
Kai shi ga waya tonon kai ne,
Ya Sattaru, ka rufa musu asiri.

Harshe da haƙori ma suna saɓawa,
Gida ɗaya suke, ba sa rabuwa,
Ran da rai ya ɓaci, murya na hawa,
Wanda ke tsaye ya nemi zaunawa,
Ya yi alwala, ya ba wa ɗan'uwansa uzuri.

Ni ba zan ce ba za ku yi faɗa ba,
Gwaggo ba ta saba ƙarya ba,
Roƙona kar rana ta faɗi ba ku shirya ba,
Kar Shaiɗan ya kwana bai ji kunya ba,
Allah ya hore muku haƙuri.

Amshi

Ya Razzaƙu, mai ciyar da bayi,
A Suratun Nur ka yi mana bayani,
In talakawa ne, kai ne Mawadaci,
Za ka wadata su daga falalarka,
Mun riƙe wannan alkawari.

Ka ba su halal, ko da kaɗan ne,
Ka sa ya ishe su, su san naka ne,
In ka yalwata, su tuna aro ne,
Maƙwabci da maraya haƙƙinsu ne,
Ka raba su da bashi da dogon buri.

Ka ba su 'ya'ya sanyin idanu,
Irin addu'ar ƙarshen Furƙanu,
Masu tsai da salla, masu Alƙur'ani,
Masu jin ƙan iyaye ran tsufansu,
Mata da maza, duk alheri.

In haihuwa ta yi jinkiri,
Kar dangi su ɗaga musu hankali,
Annabi Zakariyya kansa ya yi fari,
Ya kira Ubangijinsa a asirce,
Aka ba shi Yahaya, aka yi masa bushara.

Amshi

Yara su kaɗai:

Malama Maryam, mu ne ɗalibanki,
Daga Nasi muka fara a gabanki,
Har muka kai Sabbi a hannunki,
In mun yi tuntuɓe sai mu ji gyaranki,
Ba tsawa, ba zagi, ba mari.

Yau mun zo da ɗan tukuicinmu,
Addu'a ce kawai a bakinmu,
Duk harafin da kika koya mana,
Ladansa ya bi ki har ɗakinki,
Malam Usman, a bar mana ita ta ci gaba da darasi.

Amshi

Gwaggo:

Inna, share hawayen, yau farin ciki,
Kin yi reno, kin yi tarbiyya, sannu da aiki,
Daren da kika raba kina tsaye a kanta,
Allah ya gani, shi zai biya ki,
Ya sa ki ga jikoki, ki goya, ki ƙara.

Yayana da ya riga mu, mahaifinta,
Shi ya fara ɗora ta kan karatunta,
Ya so ya ga yau, Allah bai nufa ba,
Ya Gaffaru, ka yafe masa, ka jiƙan sa,
Ka haskaka masa kabari.

Iyayen ango, ga 'ya mun kawo,
Ba baƙuwa ba ce, gida ta zo,
In ta yi daidai ku sa mata albarka,
In ta kuskure ku kira ta gefe,
Ku gyara mata cikin sirri.

Ke ma, ɗiyata, uwarsa uwarki ce,
Gaisuwar safe ba ta rage kowa,
Kai ma, ango, ƙofarmu a buɗe take,
Kar ka hana ta zuwa ganin Inna,
Zumunci na ƙara kwana da arziki.

Amshi

Ka tsare su, ya Hafizu, da tsarewarka,
Daga mai hassada in ya yi hassada,
Da mai kai magana ya dawo da wata,
Da mai busa a cikin ƙulle-ƙulle,
Falaƙi da Nasi su zam musu tsari.

'Yan matan da ke amsa mini waƙa,
Da samarin da ke can bakin ƙofa,
Na gan ku, ba sai kun sunkuyar da kai ba,
Allah ya kawo naku na gari,
Mu dawo mu rera muku da wuri.

Gidajen da zama ya yi tsami,
Ka sanyaya su albarkacin wannan rana,
Waɗanda suka zo daga nesa,
Ka mai da su gida lafiya,
Ba gajiya, ba hatsari.

Amshi

Gwaggo: Su tsufa tare, suna salla tare,
Yara: Amin, ya Allah.
Gwaggo: Su je Makka tare, su ziyarci Manzo,
Yara: Amin, ya Allah.
Gwaggo: Su cika da kalmar shahada,
Yara: Amin, ya Allah.
Gwaggo: Ran da za a ce ku shiga Aljanna, ku da matanku,
Yara: Amin, ya Allah.
Gwaggo: A kira Usman, a kira Maryam, da iyayensu, da mu baki ɗaya,
Yara: Amin, amin, ya Rabbal alamina.

Gwaggo: Jama'a, a ɗaga hannu. Alfatiha.